Kuɗi Ya Yi Daidai Amma Rana da Lamba Sun Bambanta: Yadda Za Ka Haɗa Sitatimen ɗin Banki da Littafin Shago

Darasinmu na yau na masu karɓar kuɗin ciniki ne ta waya, musamman waɗanda ke sayar da kaya iri ɗaya a farashi ɗaya sau da yawa a mako. Matsalar ita ce: littafinka ya nuna an biya ₦45,000, sitatimen ɗin banki shi ma ya nuna ₦45,000 ta shigo, amma ranar da ke littafi daban, ta banki daban, lambar rasit ɗinka kuma ba ta yi kama da doguwar lambar da banki ya rubuta ba. Shin kuɗi ɗaya ne, ko kuwa kuɗi biyu ne da suka yi kama?

Za mu bi misalin wani shagon sarin kayan waya a kusa da Barnawa Kwamfiles, wanda ke ba masu ƙananan shaguna na Narayi, Kakuri, Talbijin da Sabon Tasha kaya. Shagon da lambobinsa misali ne na koyarwa, amma ranakun da tsarin lambobin banki na gaskiya ne. Abin da kake buƙata kawai wayarka ce da manhajar Google Sheets ko Excel.

## Me ya sa ranaku ke saɓawa

Kuɗi ɗaya yana iya samun rana uku. Akwai ranar da yaron shago ya rubuta a littafi, akwai lokacin da kwastoma ya danna tura kuɗin a wayarsa, sannan akwai ranar da bankinka ya shigar da shi a sitatimen. Yawancin sitatimen ɗin bankunan kasuwanci ma gida biyu suke ware wa rana, ɗaya Trans Date, ɗaya Value Date, kuma ba dole ba ne su zo ɗaya.

Babban abin da ke raba su shi ne ƙarshen mako da ranakun hutu. Kuɗin yakan shiga asusunka nan take har ka ga alat, amma wasu bankuna sai su rubuta masa ranar aiki ta gaba. A irin wannan banki, abin da aka turo daren Asabar zai fito da ranar Litinin. Hutu kuma yana ƙara tazarar. A ƙaramar sallar 2025, an yi idi ranar Lahadi 30 ga Maris, gwamnatin tarayya ta ba da hutun Litinin 31 ga Maris da Talata 1 ga Afrilu. Ka ga kuɗin da aka turo Asabar 29 ga Maris zai iya fitowa da ranar Laraba 2 ga Afrilu, kwana huɗu ke nan, kuma ya tsallaka zuwa wani watan.

Abu na biyu shi ne tsakar dare. Wanda ya turo kuɗi ƙarfe 11:50 na dare, sai da safe za a rubuta shi a littafi da ranar gobe. Masu rubuta manhaja kuma suna da tasu: agogon Najeriya yana gaba da agogon UTC da awa ɗaya, don haka idan manhajar shagonka tana ajiye lokaci da UTC, duk cinikin da aka yi tsakanin ƙarfe 12 da ƙarfe 1 na dare zai koma ranar jiya.

Na uku ba laifin banki ba ne, na wayarka ne. Idan sitatimen ya rubuta 07/03/2025 yana nufin 7 ga Maris, amma manhajar da aka saita da tsarin Amurka za ta karanta shi 3 ga Yuli. Alamar da za ka gane haka ita ce, ranakun da suka wuce 12 ga wata za su maƙale a gefen hagu na gida kamar rubutu, sauran kuma su koma dama. Maganinsa shi ne ka riƙa rubuta rana da shekara a gaba, kamar 2025-03-07.

## Me ya sa lambobi ke saɓawa

Lambar da ke littafinka taka ce, kai ka ƙirƙire ta, kamar INV-201. Banki bai san da ita ba sai idan kwastoma ya rubuta ta a wurin bayani lokacin da yake turawa, kuma yawanci abin da ake rubutawa a wurin bai wuce "kaya" ko "caja" ba. Suna ma ba abin dogaro ba ne ɗari bisa ɗari, domin mutum yakan biya ta asusun matarsa, ko na ƙaninsa, ko ya ba mai POS na bakin titi tsabar kuɗi ya tura masa.

Abin da ke haɗa ɓangarorin biyu da gaske shi ne Session ID. Tura kuɗi nan take tsakanin bankuna biyu a Najeriya yana bi ne ta tsarin NIP na kamfanin NIBSS, wanda aka fara a 2011, kuma kowane turi yana samun lamba mai alƙaluma 30. Lambar nan ba haka kawai aka jera ta ba, kashi huɗu ce:

```
100004 250308 213540 128830560419
```

Alƙaluma shida na farko lambar cibiyar da ta turo kuɗin ce. Misali 000013 ta GTBank ce, 000016 ta First Bank, 100004 kuma ta OPay. Shida na biyu rana ce, shekara da wata da rana, wato 250308 na nufin 8 ga Maris 2025. Shida na uku lokaci ne, ƙarfe 21:35 da daƙiƙa 40. Goma sha biyu na ƙarshe su ne ke bambanta wannan turin da sauran.

Ma'anar wannan ita ce, ko da banki ya rubuta wa kuɗin ranar Litinin, lambar tana ɗauke da ainihin lokacin da aka tura shi, kuma lambar da ke rasit ɗin kwastoma ita ce dai ke wajenka. Idan sitatimen bai nuna ta cikakkiya ba, buɗe wannan shigar kuɗin a cikin manhajar bankinka, galibi za ka gan ta a can.

Sai dai tana da iyaka. Turi daga asusu zuwa asusu a cikin banki ɗaya ba ya bi ta NIP, don haka lambar cikin gida ta bankin za ka gani. Biya da kati a na'urar POS kuma lambarsa RRN ce, mai alƙaluma 12, wadda ke jikin takardar da na'urar ke bugawa. A waɗannan ba za ka iya zaro rana daga lambar ba, amma za ka iya kwatanta ta.

## Misalinmu: ₦45,000 sau huɗu

Shagon na sayar da katan ɗin caja ₦45,000. Ga abin da ke littafi, kuma duka an rubuta "an biya ta banki":

| Rana | Rasit | Mai saye | Kuɗi |
|---|---|---|---|
| Juma'a 2025-03-07 | INV-201 | mai shagon Narayi | 45,000 |
| Asabar 2025-03-08 | INV-204 | mai shagon Kakuri | 45,000 |
| Litinin 2025-03-10 | INV-209 | mai shagon Talbijin | 45,000 |
| Litinin 2025-03-10 | INV-210 | mai shagon Sabon Tasha | 45,000 |

Ga kuma abin da ke sitatimen. Mun ba kowane layi suna don sauƙin magana:

| Layi | Ranar banki | Kuɗi | Session ID |
|---|---|---|---|
| B1 | 2025-03-07 | 45,000 | 000013250307141022000482715306 |
| B2 | 2025-03-10 | 45,000 | 100004250308213540128830560419 |
| B3 | 2025-03-10 | 45,000 | 000016250310110215000771942058 |
| B4 | 2025-03-11 | 45,000 | 000013250311090105000519268844 |

Huɗu a nan, huɗu a can. Jimilla ₦180,000 a littafi, ₦180,000 a banki. Mai gaggawa zai ce lissafi ya cika ya rufe littafi. Wanda ya ɗan ƙara dubawa zai haɗa da rana: B1 da INV-201, B2 da B3 da rasit biyun Litinin, sannan ya ce B4 da ya rage ai na INV-204 ne, jinkiri aka samu. Za mu ga cewa duka biyun sun yi asarar katan guda.

## Mataki na farko: shirya teburin

Buɗe shafi biyu, ɗaya ka sa masa suna Littafi, ɗaya Banki. A shafin Littafi, gidan A rana, B lambar rasit, C mai saye, D kuɗi, E kuma alƙaluma shida na ƙarshen Session ID idan an rubuta su. A shafin Banki, gidan A ranar banki, B bayanin da banki ya rubuta, C kuɗi, D cikakken Session ID, E ainihin lokacin turi, F kuma rasit ɗin da aka haɗa shi da shi. Cika gidan F duka da kalmar BUDE tukuna, duk wanda ka haɗa sai ka goge ta ka sa lambar rasit.

Kafin ka liƙa ko da lamba ɗaya, mayar da gidan D na Banki da gidan E na Littafi zuwa rubutu zalla, wato Plain text a Google Sheets ko Text a Excel. Wannan ba ado ba ne. Excel alƙaluma 15 kawai yake riƙewa a lamba, sauran sai ya mayar da su sifili, ya kuma zubar da sifilin farko. Idan ka ga Session ID ya koma wani abu kamar 1.00004E+29, to ya riga ya lalace, canza tsarin gidan daga baya ba zai dawo da shi ba, sai ka sake liƙo shi daga tushe.

Yanzu a gidan E2 na shafin Banki sa wannan, ka ja shi zuwa ƙasa:

```
=DATE(2000+MID(D2,7,2),MID(D2,9,2),MID(D2,11,2))+TIME(MID(D2,13,2),MID(D2,15,2),MID(D2,17,2))
```

MID yana yanko alƙaluma biyu-biyu daga cikin lambar, DATE da TIME su mayar da su rana da lokaci. Saita gidan ya nuna rana da lokaci tare. Sakamakon zai zama: B1 Juma'a 7 ga wata ƙarfe 14:10, B2 Asabar 8 ga wata ƙarfe 21:35, B3 Litinin 10 ga wata ƙarfe 11:02, B4 Talata 11 ga wata ƙarfe 09:01. Tun a nan abu ɗaya ya fito fili: B2 ba kuɗin Litinin ba ne, na daren Asabar ne. Daga yanzu da gidan E za mu yi aiki, ranar banki ta koma gefe.

## Mataki na biyu: fara da masu ƙwaƙƙwarar shaida

Tsarin aikin shi ne a fara cire waɗanda babu shakka a kansu, domin duk wanda aka cire yana rage ruɗanin sauran. Shaida mafi ƙarfi ita ce lamba. A cikin rasit huɗun, INV-201 ne kawai yaron shago ya rubuta masa wutsiyar lamba, 715306. A shafin Littafi sa wannan:

```
=IF(E2="","",COUNTIF(Banki!D:D,"*"&E2))
```

Tauraron da ke ciki yana nufin "duk abin da ya ƙare da wannan lambar". Idan amsa ta zo 1, kuma kuɗin ya yi daidai, an gama. A nan ta kama B1, sunan mai turowa ma na mai shagon Narayi ne. Je ka gidan F na B1 ka rubuta INV-201. Idan amsa ta zo 0, ko dai an yi kuskuren kwafa ko kuɗin bai shigo ba. Idan ta zo 2, abin da ba kasafai yake faruwa ba, kwatanta lambar gaba ɗayanta.

## Mataki na uku: kuɗi ɗaya a cikin tazarar kwanaki

Ga waɗanda ba su da lamba, sai mu tambayi teburin: layi nawa ne a banki da har yanzu ke buɗe, masu wannan adadin, waɗanda aka turo daga kwana ɗaya kafin ranar littafi zuwa kwana ɗaya bayanta?

```
=COUNTIFS(Banki!C:C,D3,Banki!E:E,">="&A3-1,Banki!E:E,"<"&A3+2,Banki!F:F,"BUDE")
```

An sa +2 ne saboda gidan E yana ɗauke da lokaci, don haka "ƙasa da jibi" shi ne zai haɗa da gobe har tsakar dare. Tazarar kwana ɗaya ta isa tunda muna aiki da ainihin lokacin turi. Ga layukan da ba su da Session ID, inda dole ka dogara da ranar banki, faɗaɗa ta zuwa kwana uku a gaba, ko huɗu zuwa biyar a makon hutu. Amma ka sani duk faɗin da ka ƙara, masu kama da juna ne ke ƙaruwa.

INV-204 na ranar Asabar ya ba da 1, wato B2. Kafin ka haɗa su, duba ta ɗaya ɓangaren: akwai wani rasit a buɗe da shi ma B2 zai iya zama nasa? Tazarar rasit biyun Litinin daga Lahadi 9 ga wata take farawa, B2 kuwa na Asabar ne, don haka ba ya cikinsu. Ɗaya ta nan, ɗaya ta can. Wannan ita ce ƙa'idar: kada ka haɗa sai kowanne ya zama shi kaɗai ne abokin ɗan'uwansa ta ɓangarorin biyu.

Saura abu guda, sunan da ke kan B2 ba na mai shagon Kakuri ba ne, sunan wata sana'ar POS ce. Wannan bai rushe haɗin ba, amma yana buƙatar shaida ta biyu. An duba hirar WhatsApp ta shago, sai ga hoton rasit da mutumin ya turo daren Asabar, lambarsa ta ƙare da 560419. An rubuta INV-204 a gidan F na B2.

Ka lura da abin da zai faru da mun yi aiki da ranar banki. INV-204 zai ba da 0, a ɗauka mutumin Kakuri bai biya ba a kira shi ana cacar baki, alhali kuɗinsa yana nan an jingina wa wani.

## Mataki na huɗu: idan biyu suka yi kunnen doki

INV-209 da INV-210 kowanne ya ba da 2, wato B3 da B4. A nan lissafin tebur ya kai iyakarsa. Duk manhajar da za ta ce "ɗauki wanda ya fi kusa da rana" caca take yi da kuɗinka. Abin da ya rage shi ne tambayoyi uku da mutum zai yi da kansa.

Ta farko, lokaci ya yarda? Dukansu biyu an ba su kaya ne bayan sun nuna rasit, ba bashi ba ne. Mai shagon Sabon Tasha ya karɓi nasa da hantsi, mai shagon Talbijin kuma wajen ƙarfe 4:40 na yamma. B3 an turo shi ƙarfe 11:02 na safiyar Litinin, ya dace da na Sabon Tasha. B4 kuwa an fara tura shi ne ranar Talata ƙarfe 09:01. Kuɗi yana iya makara wajen isowa, amma lokacin da ke cikin Session ID na tashinsa ne, ba na isowarsa ba. Ba yadda za a yi mutum ya nuna maka rasit ranar Litinin da yamma na turin da ba a yi ba sai Talata da safe.

Ta biyu, daga ina kuɗin ya fito? B3 ya fara da 000016, rasit ɗin mutumin Sabon Tasha kuma na First Bank ne da sunan ƙaninsa, wutsiyar lambar 942058. Wannan ya rufe B3 da INV-210.

Ta uku, waye mai asusun? Yanzu saura rasit ɗaya da layin banki ɗaya, INV-209 da B4, kuɗi ɗaya, tazarar kwana ɗaya. Idan ka sake duba lissafin mataki na uku zai ba ka 1, kuma nan ne tarkon yake. Saura ɗaya da ɗaya ba shaida ba ce. Sunan da ke kan B4 shi ne dai wanda ke kan B1, mai shagon Narayi. Da aka kira shi sai ya ce, "Eh Alhaji, ni na turo, kafin alƙalami ne na katan ɗin da zan zo ɗauka ranar Alhamis, na faɗa wa yaronka." Yaron bai rubuta ba.

To ina kuɗin INV-209? An ɗauko hoton rasit ɗin mai shagon Talbijin, aka nemi wutsiyar lambarsa a sitatimen har zuwa ranar da ake aikin, amsa 0. Kuɗin bai shigo ba.

## Abin da za a yi da waɗanda suka rage

Kada ka fara da zargi. Rashin shigowar kuɗi yana da fuska biyu. Wataƙila an cire wa mutumin kuɗi, turin ya maƙale a hanya, daga baya aka mayar masa ba tare da ya lura ba. Ƙa'idar da Babban Bankin Najeriya ya fitar a 2018 kan tura kuɗi nan take ta tanadi tara ga bankin da bai mayar da kuɗin turin da ya gaza ba cikin awa 24, don haka idan kwana biyu sun wuce, ya kamata ya ga kuɗinsa sun dawo. Wataƙila kuma rasit ɗin na bogi ne.

Hanyar rarrabewa mai sauƙi ce. Ka roƙe shi ya buɗe tarihin asusunsa a cikin manhajar bankin a gabanka, maimakon hoto. Sannan ka karanta lambar da ke rasit ɗin da abin da ka koya: ta cika alƙaluma 30? Ranar da ke cikinta ta dace da ranar da aka rubuta a saman rasit? Lambar cibiyar ta dace da bankin da tambarinsa ke jiki? Wanda ya gyara tsohon rasit yakan canza rana da adadi ya manta da cikin doguwar lambar. Idan kuwa an cire masa kuma ba a mayar ba, shi ne zai kai ƙorafi bankinsa da Session ID ɗin, domin daga can turin ya tashi.

A littafi kuma gyara biyu za a yi. INV-209 ya tashi daga "an biya" ya koma bashi a kan mai shagon Talbijin. B4 a shigar da shi a matsayin kafin alƙalami na mai shagon Narayi, kuɗin da shago ke riƙe da shi amma bai ba da kayansa ba tukuna. Idan da ba a gano mai B4 ba, sai a buɗe masa shafin "jiran tantancewa" a ajiye shi can da ranarsa da lambarsa. Ba a cusa shi cikin wani rasit don lissafi ya yi kyau.

Ga yadda rufewar za ta kasance:

| Bayani | Kuɗi |
|---|---|
| Jimillar banki | 180,000 |
| Cire wanda ke banki babu a littafi, B4 | 45,000 |
| Saura | 135,000 |
| Jimillar littafi | 180,000 |
| Cire wanda ke littafi babu a banki, INV-209 | 45,000 |
| Saura | 135,000 |

Kuskure biyu masu adadi ɗaya sun rufa wa juna asiri, shi ya sa jimilla ta yi daidai tun farko. Da an haɗa B4 da INV-209, bashin Talbijin ya goge ke nan. Ranar Alhamis mutumin Narayi zai zo da rasit ɗinsa na gaskiya, ko dai a ba shi katan shago ya yi asarar ₦45,000, ko a hana shi a ɓata da kwastoman da bai yi laifin komai ba.

Dubawa ta ƙarshe, tabbatar ba a ba rasit ɗaya layin banki biyu ba:

```
=COUNTIF(Banki!F:F,B2)
```

Kowane rasit da aka biya gaba ɗaya ya ba da 1. Wanda ya ba da 2, ko dai ka yi kuskure ko kwastoma ya tura sau biyu saboda netiwok ya nuna masa na farko bai tafi ba. Alamar irin wannan ita ce suna ɗaya, adadi ɗaya, da tazarar 'yan mintuna a cikin lambobin biyu, kuma na biyun haƙƙinsa ne a mayar masa.

## Inda zato ya halatta, da inda bai halatta ba

Wuri ɗaya ne kawai za ka iya haɗawa bisa jeri ba tare da bincike ba: mutum ɗaya mai rasit biyu na adadi ɗaya, da turi biyu daga asusunsa. Ba wa tsohon rasit turin farko, sabo kuma na biyu. Ko ka juya su, abin da ke tsakaninku bai canza ba. Da zarar mutum biyu ne daban, jeri ba hujja ba ce.

Ka kuma kula da ƙananan layukan da ke biyo bayan manyan, kamar ₦50 ta harajin gwamnati a kan turin ₦10,000 zuwa sama, ko ladan tura kuɗi haɗe da harajin VAT. Waɗannan layukan kansu suke zuwa, wani lokaci kwanaki bayan turin, wani lokaci a dunƙule. Kada ka nema musu rasit, shigar da su a cajin banki kawai. Haka kuɗin da ya shigo aka sake janye shi, wanda galibi bayaninsa ke ɗauke da REV ko RVSL: haɗa shigar da fitar su kashe juna kafin ka fara aiki, in ba haka ba shigar za ta zauna tana jiran ka jingina ta ga wani.

## Rage aikin tun daga kan teburin shago

Duk wahalar da muka sha a kan rasit uku ta samo asali ne daga gida ɗaya da aka bari babu komai. Ƙara gida biyu a littafin shago: sunan da ya fito a alat, da alƙaluma shida na ƙarshen Session ID. A kwafo su daga manhajar bankin shago, ba daga wayar kwastoma ba. Yin hakan kaɗai ya tilasta wa yaro ya ga kuɗin da idonsa kafin kaya su fita, kuma da an yi shi, da INV-209 bai bar shago ba.

Ga masu biya daga nesa, tura musu lambar rasit su rubuta a wurin bayani. Idan cinikin ya yi yawa kuma kana da manhajar shago, kamfanoni irin su Paystack, Monnify da Flutterwave suna ba da lambar asusu ta musamman ga kowane kwastoma, ta yadda duk wanda ya turo ta lambar, ko ƙani ko mai POS, an san na wane ne.

Sannan kada ka jira ƙarshen wata. Ware safiyar Talata, lokacin da kuɗin ƙarshen mako sun gama zama a sitatimen, ka bi matakan nan huɗu. A mako ɗaya layukan da za su yi kunnen doki kaɗan ne, hotunan rasit suna nan a waya ba a goge ba, wanda za ka kira kuma bai manta abin da ya tura ba.